Mutum nawa ne suka shigo filin? Yadda wani gari ya ƙirga jama'ar bajekolinsa da kaunta da tambaya guda

Asalin maganar

Garin dai hedikwatar ƙaramar hukuma ne a arewa, ba sai na faɗi sunansa ba, kuma duk shekara bayan an gama shigar da amfanin gona ƙungiyar 'yan kasuwa da manoma tana yin bajekoli na kwana uku, Juma'a da Asabar da Lahadi, a filin ƙwallon makarantar sakandaren garin. Shiga kyauta ne, babu tikiti babu rajista, kowa ya zo da ƙafarsa. Ana buɗewa tara na safe a rufe takwas na dare.

Bara da aka tashi shugaban ƙungiyar ya faɗa wa 'yan jarida cewa mutum dubu ɗari suka halarta. Ba wanda ya ce uffan a lokacin, ai haka aka saba, kowa ya yi taro sai ya ce dubu ɗari. Sai bana da aka je neman tallafi wajen wani kamfani, jami'insu ya tambaya a natse cewa ta yaya aka samu wannan adadin, Alhaji ya ce ai idonsa ya gani. Kamfanin suka ce za su bayar amma da sharaɗin a kawo musu adadin da aka ƙirga da kuma bayanin yadda aka ƙirga shi. Su ma masu rumfuna suna ta ƙorafi, an tsuga musu kuɗin rumfa a kan dubu ɗari kuma cinikinsu bai yi kama da na dubu ɗari ba.

Aikin ya faɗa kan sakataren kwamiti, malamin lissafi ne a makarantar, ni kuma ina cikin matasa goma sha biyu da ya tara.

Sati biyu kafin taro

Abin da Malam ya fara yi shi ne ya ɗauko tef muka auna filin. Wajen ƙwallon mita 105 ne a tsawo 68 a faɗi, wato murabba'in mita 7,140. Ya ce ko a ce babu rumfa ko ɗaya, aka cusa mutum huɗu a kowane murabba'in mita, irin cunkoson da ba ka iya juyawa, mutum 28,560 ne iyaka. To dubu ɗari a lokaci guda dai ta mutu tun daga nan. Amma ya ce wannan bai amsa tambayar ba tukuna, saboda bajekoli ba sallar idi ba ce da kowa yake tsaye a wuri ɗaya lokaci ɗaya, mutane suna shiga suna fita wuni guda ne har kwana uku, dole a tsaya a ƙofa.

Filin yana da katanga da ƙofa uku, babbar ƙofa ta bakin titi, ƙaramar ƙofa ta arewa da mata suka fi bi don ta fi kusa da unguwa, sai ƙofar baya ta motoci da masu kaya. An sayo kaunta, irin ta tasbihin nan da ake sawa a yatsa, guda goma. An sayo tawadar hatimi ma, shirin shi ne duk wanda ya shigo a shafa masa a babban yatsa don in ya dawo kar a sake latsa masa.

Juma'a, ranar farko

Tawada ba ta kai awa ɗaya ba. Wani dattijo ya janye hannunsa ya ce "yaro, zaɓe ake yi ne?", mata da yawa suka ƙi miƙa wa samari hannu, wasu suka ce ranar Juma'a za a ɓata musu yatsa suna da alwala, layi kuma ya taru har bakin kwalta. Kafin goma na safe Malam ya ce a ajiye ta.

Aka koma kaunta zalla. Mutum ɗaya a kowace ƙofa, kaunta biyu, hannun dama na masu shiga hannun hagu na masu fita, wai da haka za a san adadin da ke ciki a kowane lokaci. Ni aka bai wa babbar ƙofa. Da safe lafiya lau, amma da aka sauko daga masallacin Juma'a jama'a suka taho a dunƙule, wallahi ban san hannun da nake latsawa ba, ga masu shiga ga masu fita sun cakuɗe a ƙofa mai faɗin mita huɗu, ga mai amalanke yana ihu a ba shi hanya. Wajen uku da rabi na duba kauntar dama na ga 46. Kauntar tana da ƙaramin maɓalli na gogewa a gefen babban, yatsana ya taɓa shi ban sani ba, kuma ban rubuta komai ba tun safe. Sai dai na ce wa Malam ina jin ta wuce dubu uku. A ƙofar mata kuma mai ƙirgan ya tafi sallar la'asar ya bar ƙofar ba kowa kusan minti ashirin.

Da aka rufe aka haɗa, har da dubu ukun da na yi kirdado, shiga 9,870, fita 7,940. Wato a takarda akwai mutum 1,930 a cikin filin, mu kuma muna tsaye a ciki daga mu sai maigadi da awakin da suka shigo cin ɓawon rake.

Maigadin ne ma ya ƙara mana wata. Ya ce "Malam, ku da kuke ƙofa, kun ga masu bin kafar can?" Ashe daminar bara ta rushe wani ɓangare na katangar ta wajen yamma, yara da samarin unguwar nan ta can suke shiga tun safe.

Daren Juma'a

Mun zauna a ajin Malam har sha ɗaya. Ya rubuta a allo cewa kaunta shiga take ƙirgawa, ba mutum ba. Mai sayar da ruwan leda da ya fita ɗebo kaya sau goma, kaunta ta ga mutum goma. Tunda ba za a iya yi wa kowa alama ba, sai a yi abin da mai sayen masara yake yi, ba ya zazzage buhu, soka shi yake ya ɗebi kaɗan ya duba. Za a tsayar da mutum ɗaya cikin kowane ashirin a yi masa tambaya.

Wace tambaya, nan aka daɗe. Wani a cikinmu ya ce a tambayi mutum sau nawa yake shiga a wuni, a fitar da matsakaici, a raba jimillar kaunta da shi. Kowa ya ce ya yi, ni ma haka na gani. Malam ya ce a gwada da ƙaramin misali. A ce mutum goma ne kacal suka zo, tara sun shiga sau ɗaya-ɗaya, mai ruwa ya shiga sau goma sha ɗaya, kaunta za ta nuna ashirin. In kana tsaye a ƙofa kana tsayar da mutane, cikin shiga ashirin ɗin nan goma sha ɗaya duk mai ruwa ne, shi za ka yi ta cin karo da shi yana ce maka sau goma sha ɗaya. In ka tambayi duka ashirin ɗin, amsoshin su ne "ɗaya" sau tara da "goma sha ɗaya" sau goma sha ɗaya, jimilla 130, ka raba da 20 ka samu 6.5. Ka raba ashirin da shida da rabi, ka ce mutum uku ne suka zo. Alhali goma ne.

Sai ya ce a canza tambayar ta koma "yau wannan ce shigowarka ta farko?" Kowane mutum, ko sau ɗari ya shiga, shigar farko ɗaya gare shi a wuni. A misalin nan mutum tara za su ce e, mai ruwa zai ce e sau ɗaya ya ce a'a sau goma, e goma ke nan cikin ashirin, rabi, rabin ashirin kuma goma. Ya fito daidai ba tare da an san kowa ba. Ajin ya yi tsit na ɗan lokaci, sai wani ya ce kai, lissafi ma sihiri ne.

Sauran gyare-gyaren ba a ja su ba. An daina ƙirga masu fita gaba ɗaya. Kowace ƙofa mutum uku, mai kaunta da mai tambaya da ɗan canji, ana yin sallah bi da bi. Ƙofar arewa aka nemo 'yan mata uku daga ɗaliban makarantar. An liƙe maɓallin gogewa da salatif, kuma duk rabin awa a rubuta abin da kaunta ta nuna a takarda ba tare da an goge ba. An ja layi da toka a bakin ƙofa, wanda ƙafarsa ta tsallake layin shi ake latsa wa, goyo ba a ƙirga shi, yaron da ke tafiya da ƙafarsa ana ƙirga shi, mota kuma a leƙa a ƙirga na ciki. Mai kaunta ne zai nuna wanda za a tambaya duk lokacin da ta nuna 20, 40, 60 haka, ba mai tambaya ne zai zaɓa ba, don in an bar shi zai yi ta tsayar da masu fara'a da sa'anninsa ya ƙyale dattawa da masu sauri. Wanda ya ce e, a ƙara masa tambaya ta biyu, ko ya zo jiya, ranar Lahadi kuma ko ya zo jiya ko shekaranjiya.

Asabar

Tambayar ba ta cin daƙiƙa biyar. "Sannu Baba, yau yanzu ka fara shigowa ko ka shigo ɗazu?" Yawanci ko tsayawa ba sa yi, suna tafiya suke amsawa. Wata Hajiya a ƙofar arewa ta ce wa yarinyar "'yata, rabon wani abu za a yi ne?", aka ce a'a ƙirga ne kawai, ta ce to ta farko ce. Wannan ya sa Malam ya zagaya ya ce a riƙa faɗa tun farko cewa ba rabo ake ba, don in mutane suka zaci akwai kyauta ga sabon shigowa kowa zai zama sabo.

Malam bai yarda da yatsunmu haka kawai ba. Da sha ɗaya na safe ya tsaya bayana da tasa kauntar minti goma sha biyar ba mu kallon ta juna, na samu 210 ya samu 212. Da huɗu da rabi bayan la'asar ya sake, wannan karon ya sa wani yaro ya hau katanga ya ɗauki bidiyo da waya. Na samu 585, shi ya samu 640, da aka kalli bidiyon a hankali ana tsayarwa aka samu 655. Ni ke nan na zubar da mutum saba'in a rubu'in awa, kusan ɗaya cikin goma. Ba sakaci ba ne, in mutum biyar suka jero kafaɗa da kafaɗa akwai yara a tsakaninsu ido ba ya raba su. Nan take aka ɗauko bencina daga aji da igiya aka raba ƙofar gida biyu, hanyar fita daban, hanyar shiga an matse ta yadda mutum biyu ne kawai za su jera. An sake gwaji bayan biyar, bambancin bai kai mutum goma ba.

Kafar katanga kuma ba mu da mutumin da za mu ajiye a ranar, sai aka bi ta wata hanya. Sau uku, sha ɗaya da biyu da biyar, mutum biyu suka ratsa filin daga kusurwa zuwa kusurwa, duk taku goma su tambayi wanda ya fi kusa da su ta ina ya shigo a zuwansa na farko yau. Mutum ɗari kowane zagaye. Cikin 300, mutum 27 suka ce ta kafa.

Lissafin daren Asabar

Babbar ƙofa ta nuna 11,040. Takardar rabin awa ta nuna cewa 3,000 daga ciki an latsa su ne a lokacin cunkoso kafin a sa benci, sai aka gyara wannan yankin kaɗai da gwajin bidiyo, 3,000 sau 655 a raba da 585, ya ba da kusan 3,360. Ƙofar ta koma 11,400. Mutum 552 aka tsayar, 540 suka amsa, 351 suka ce shigar farko ce, kashi 65 cikin ɗari ke nan. Kashi 65 na 11,400 shi ne 7,410.

Ƙofar mata shiga 5,200, cikin 250 da suka amsa 200 sun ce ta farko ce, kashi 80, mutum 4,160. Mata in sun shigo ba sa yawan fita sai sun gama. Ƙofar baya ce abin dariya, shiga 1,800 amma cikin 88 da suka amsa 22 ne kawai sababbi, kashi 25, mutum 450, sauran duk 'yan dako ne da masu rumfa suna kai da kawowa.

Jimilla shiga 18,400, mutane 12,020. Sai masu kafa. Ashirin da bakwai cikin ɗari uku kashi 9 ne, ma'ana 12,020 ɗin nan kashi 91 ne na jama'ar ba duka ba, aka raba shi da 0.91 ya ba da kusan 13,200.

Malam ya hana a rubuta 13,200 shi kaɗai. Ya ce da wasu mutum 540 ɗin daban muka tsayar, ba lalle a samu kashi 65 cif ba, samfur mai wannan girman yana iya kaucewa da kamar maki huɗu sama ko ƙasa, a babbar ƙofa kaɗai wannan ya kai mutum ɗari huɗu da wani abu. Ya haɗa da na sauran ƙofofin da na kafa, aka rubuta tsakanin 12,500 da 14,000.

Lahadi

An mayar da kafar ƙofa ta huɗu, aka ajiye mata mai kaunta da mai tambaya. Yaran da farko sun zaci kamu ne suka watse, da suka ga ba a hana kowa suka dawo. Jimillar shiga ta ƙofa huɗu 21,600, kashi 62 shigar farko, mutum kusan 13,400. Kafar ta kawo kusan 1,300 daga cikinsu, wajen ɗaya cikin goma, dab da kashi 9 ɗin da tambayar cikin fili ta bayar jiya, wannan ya kwantar wa Malam da hankali sosai.

Da biyar da rabi, lokacin da filin ya fi cika, an hau benen makarantar an ɗauki hoto. Wannan dabara ce ta Herbert Jacobs, malamin aikin jarida a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wanda a shekarun 1960 yake kallon ɗalibai masu zanga-zanga daga tagar ofishinsa, dandalin da ke ƙasa kuma yana da zane gida-gida, sai ya ƙirga mutanen wasu gidaje ya ninka da yawan gidajen. Mu toka muka zana da ita tun asuba, mita biyar-biyar a wurare takwas. Gaban dandamali, murabba'in mita 600, an samu kamar mutum uku a kowane mita, 1,800. Sauran hanyoyin tsakanin rumfuna, mita 3,400, bai kai mutum ɗaya a mita ba, 0.8 ne, 2,720. Wajen 4,500 ke nan a lokaci guda, kuma wannan shi ne filin da in ka tsaya a dandamali za ka rantse babu masaka tsinke.

Litinin, zaman kwamiti

Tambaya ta biyu ce ta haɗa kwana ukun. Ranar Asabar kashi 70 na masu shigar farko sun ce ba su zo Juma'a ba, 9,240. Ranar Lahadi kashi 55 sun ce ba su zo ko ɗaya cikin kwana biyun ba, 7,370. Juma'a babu samfur kuma kauntarta ta lalace, sai aka ari kashin Asabar aka ƙara da masu kafa aka sa mata wajen 7,000, aka rubuta ɓaro-ɓaro a rahoton cewa wannan kirdado ne. Duka ya kama 23,600, aka rubuta tsakanin 22,000 da 25,000.

Malam ya miƙa adadi uku, shiga ta ƙofa kusan 50,000, mutane daban-daban wajen 23,600, mafi cikar fili 4,500. Alhaji ya ce a kai wa kamfani dubu hamsin kawai tunda ita ma ƙirga ta aka yi. Malam ya ce "ranka ya daɗe, in sun tambaya mutum ne ko shiga, me zan ce?" An ɗan yi shiru. Ba mu aka fara wa irin wannan ba dai, a 1995 da aka yi gangamin mutum miliyan a Washington hukumar wuraren shaƙatawa ta Amurka ta ce 400,000 ne, masu taron suka yi barazanar kai ta kotu, wata tawaga a jami'ar Boston ƙarƙashin Farouk El-Baz ta sake nazarin hotunan ta ce wajen 837,000. Namu bai kai kotu ba, ma'aji ne ya raba gardamar da ya ce adadin 4,500 shi zai yi masa amfani wajen hayar kujeru da banɗaki da ruwa, wanda bara aka yi asara a kai. An kai duka ukun, kamfanin ya saki kuɗin bayan sati uku.

Hukuncina a kan aikin

A ganina tambayar shigar farko ita ta ɗauki nauyin aikin, kaunta kuma ba ta zama abin dogaro ba sai da aka matse ƙofa da benci aka kuma gwada ta da bidiyo. Ƙirga shiga da fita da mutum ɗaya ba zan sake yarda da shi ba, kuskuren kowane ɓangare taruwa yake tun safe har dare ba abin da ke goge shi, kuma fita ta fi zubewa don mutane a dunƙule suke fita da magariba, wasu ma ta kafa.

Adadin Asabar da Lahadi zan iya tsayawa a kansu. Na kwana uku yana da rauni a wuri biyu. Juma'a kirdado ce, kusan kashi uku cikin goma na jimillar a kanta yake zaune. Sannan tambayar "ka zo jiya?" ta dogara da gaskiyar mai amsa ne, kuma ba mu da bidiyon da zai gwada ta. Akwai ma wani abu da muka gano a makare, duk lokacin da lamba ta faɗa kan ƙaramin yaro masu tambayar babbar ƙofa sukan tsallake shi su tambayi babban da ke bayansa, alhali yara sun fi kowa shiga da fita, in haka ta faru da yawa to kashi 65 ɗin nan ya ɗan yi sama kuma adadinmu ya ɗan fi gaskiya yawa. A takardar shirin baɗi Malam ya rubuta cewa a tambayi yaron da kansa ko wanda ke riƙe da hannunsa, a fara samfur tun tara na safiyar Juma'a, bencin kuma a jera shi tun daren Alhamis. Katangar har yanzu ba a gyara ta ba, don haka ƙofa huɗu aka rubuta da kaunta goma sha biyu.